Imel ɗin mai zane: me ya sa ake neman mahaɗi da jimla guda maimakon dogon jeri

Matasan Kano masu sana'ar zane a kwamfuta, wato masu yin tambari da sitika da kwalin kaya da fastocin biki, suna yawan cin karo da wani salon neman aiki da ba su saba da shi ba. Kamfani ko ƙungiya za ta fitar da sanarwar neman mai zane, a ƙarshenta a ce a turo gajeren imel mai ɗauke da mahaɗin ayyukan da aka taɓa yi, da kuma jimla guda a kan yadda mutum yake gudanar da aikinsa. Wanda ya shafe shekara huɗu yana fama da CorelDRAW da Photoshop sai ya tsaya yana tambayar kansa: duk wannan wahala a jimla guda za a dunƙule ta? Wasu sukan ɗauka raini ne, wasu kuma su yi biris da sharaɗin su turo abin da suka saba turawa, su jira amsa shiru.

Kalmomi uku da ya kamata a fara warwarewa

Abin da masu sana'ar ke kira fotfoliyo kundin ayyuka ne: zaɓaɓɓun zane-zanen da mutum ya yi, an tara su wuri guda domin mai neman aiki ya gani da idonsa. Ba takardar tarihin karatu da aiki ba ce. Waccan tana faɗin inda ka yi makaranta da inda ka taɓa aiki, shi kuwa kundi yana nuna abin da hannunka ya fitar.

Mahaɗi, wanda aka fi kira linki, shi ne adireshin da za a latsa a shiga kundin. Yana iya kaiwa ga shafin Behance, wanda kamfanin Adobe ya saya a 2012 kuma masu zane a faɗin duniya ke baje ayyukansu a kai, ko ga Dribbble, ko ga fayil a Google Drive, ko ga shafin mutum na kansa.

Kalma ta uku ce ke rikita mutane: tsarin aiki. Ba jerin manhajojin da ka iya ake nufi ba. Ana nufin hanyar da aiki ke bi daga ranar da aka ba ka shi zuwa ranar da ka miƙa, da kuma wuraren da mai aikin zai sa baki a hanya. Wanda ya kai wa tela shadda ana saura sati biyu Sallah ba ya tambayar irin keken da ke shagon. Ya riga ya ga ɗinkin a jikin wani, shi ya sa ya zo. Abin da ya rage masa shi ne ya ji yaushe za a gwada, yaushe zai karɓa, kuma idan wuyan bai zauna ba wa zai ɗauki nauyin gyara. Amsar wannan ce ake son mai zane ya bayar a jimla guda.

Daga ina salon ya fito

Dalili na farko na mai karantawa ne. Manajan wata masana'anta a Sharaɗa ko Bompai, ko hajiyar da ke sarrafa yaji da garin kunu a unguwa, yawanci a waya suke buɗe imel, a tsakanin wasu ayyuka. Abin da ke bayyana kafin a buɗe saƙo shi ne sunan mai turowa, kan magana, da 'yan kalmomin farko. Bayan an buɗe, allon waya ba ya ɗaukar fiye da 'yan layuka. Idan mahaɗin yana can ƙasa bayan sakin layi biyar, sai an yi ta jan allo kafin a same shi, kuma wanda saƙonni talatin ke jira ba lallai ya ja ba.

Na biyu, jerin manhajoji ya daina bambanta kowa da kowa. A da, iya CorelDRAW kaɗai abin faɗa ne, domin ba kowa ke da kwamfuta ba. Yau mai waya da Canva yana fitar da fasta cikin minti goma. Idan mutum ashirin suka nemi aiki guda, kusan dukkansu za su lissafa manhajoji iri ɗaya, su ƙara da cewa su masu ƙwazo ne da riƙon amana. Mai karatu ba shi da hanyar tantance wannan daga rubutu. Zane kuwa yana iya ganinsa, kuma gani ya kori ji.

Na uku ya shafi shi kansa imel. Gmail ba ya ɗaukar abin da aka liƙa idan ya wuce megabait 25, yakan mayar da shi mahaɗin Drive. Ko da bai kai haka ba, hotuna goma sha biyu masu nauyi suna cin datar wanda aka tura wa, kuma tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data da ya kai kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, mutane sun ƙara lura da abin da suke saukewa. Mahaɗi yana barin zaɓi a hannun mai karatu: ya buɗe yanzu, ko ya bari sai ya samu natsuwa.

Misali guda, daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauka wani matashi ne da ya yi shekara uku yana aikin zane a wani shagon ɗab'i. Ya ji cewa wata hajiya mai sarrafa yaji tana son sake sitikar robobinta, domin tana shirin kai kayan manyan shaguna. Wani abokin cinikinta ya ba shi adireshin imel ɗin kamfanin.

Rubutunsa na farko ya buɗe da gaisuwa mai tsawo, sannan tarihin karatunsa, sannan manhajoji bakwai a jere. Bayan haka ya lissafa abin da yake yi: tambari, katin biki, bana, kalanda, katin shaida, gyaran hoto, haɗa bidiyo. Sai matakan aiki guda takwas, daga bincike zuwa miƙawa, irin waɗanda ake kwafowa daga darussan intanet. Mahaɗin ya zo a layi na ƙarshe, kuma yana kaiwa ga jakar Drive mai hotuna sama da sittin, sunayensu duk lambobi.

Babu ƙarya a cikin saƙon. Matsalarsa ita ce bai taɓa damuwar Hajiya ba. Ita tsoronta guda ne: ta biya kuɗin buga sitika dubu biyar, su iso, ta ga jan da ta gani a waya ya dushe, ko rubutun ya yi ƙanƙanta ba a karantawa, ko lambar NAFDAC ta faɗa gefen da aka yanke. Matakai takwas ɗin nan babu wanda ya ce mata komai a kan haka.

Ga yadda saƙon zai kasance idan aka sake shi. Kan magana: Zanen sitikar robar yaji, samfura uku.

> Assalamu alaikum Hajiya, da fatan kina lafiya, ya kasuwa?
>
> Ni mai zanen sitika da kwalin kayan abinci ne a nan Kano. Na samu labarin kina shirin sake sitikar robobin yajinki. Ga ayyuka uku da na yi wa masu irin sana'arki, na farkon na robar yaji ne:
>
> `https://example.com/sitika`
>
> Yadda nake aiki shi ne, nakan kawo zane biyu ki zaɓa, kuma ba na kai fayil maɗaba'a sai kin riƙe samfur guda da aka buga an manna a jikin robarki kin amince.
>
> Idan sun yi miki, ina iya zuwa in ga robobin a ranar da ta dace da ke. Lambar wayata tana ƙasa. Allah ya ƙara buɗi.

Saƙon gaba ɗaya kalma ɗari ne da 'yan kai, kuma gaisuwar tana nan yadda ta kamata tsakanin yaro da babba. Abin da aka cire shi ne duk abin da mahaɗin zai nuna da kansa.

Abin da jimlar nan take ɗauke da shi

Jimlar tsarin aiki a wannan misali ta yi alƙawari biyu da za a iya kama mai zanen da su. Na farko adadi ne: zane biyu, ba goma ba, ba kuma sai abin da hali ya yi ba. Hajiya ta san abin da za ta karɓa, shi ma ya san inda aikinsa ya tsaya. Na biyu shi ne wurin da za a dakata a jira amincewarta kafin a kashe babban kuɗi.

Wannan alƙawari na biyu yana da tushe a cikin sana'ar. Allon waya da na kwamfuta suna haɗa launi da haske, daga ja da kore da shuɗi, tsarin da manhajojin ke rubutawa RGB. Injin ɗab'i kuwa da tawada huɗu yake aiki, tsarin CMYK. Akwai launuka masu sheƙi a allo da tawada ba ta iya fitarwa, shi ya sa jan da ya ɗauki ido a waya kan fito ya yi duhu a takarda. Haka kuma ana barin rarar launi ta kamar milimita 3 a kewayen zane saboda wuƙar yanka ba ta sauka daidai kullum, a kuma janye muhimmin rubutu daga baki. Sitikar abinci tana da rubutun da ba a wasa da shi: lambar rajista, abubuwan da aka haɗa, nauyi, ranar sarrafawa da ranar lalacewa, da adireshin mai kaya. A kan roba mai lanƙwasa, abin da ya yi kyau a shimfiɗe yana iya zagayawa baya ya ɓuya.

Hajiya ba ta buƙatar jin ko ɗaya daga cikin waɗannan a imel na farko. Amma mutumin da ya san su ne kaɗai zai yi tunanin rubuta cewa sai an manna samfur a jikin roba. Ta haka jimla guda take nuna ƙwarewar da jerin manhajoji bakwai bai nuna ba. Wanda ya taɓa asarar kuɗin ɗab'i zai gane ta nan take.

Akwai hanya mai sauƙi ta auna jimlar kafin a tura. A tambaya: shin wani mai zane daban zai iya ɗaukar ta ya saka a nasa saƙon ba tare da ya canza komai ba? Idan an rubuta cewa ana sauraron abokin ciniki da kyau ana kuma fitar da aiki mai inganci, kowa zai iya faɗin haka, don haka ba ta ce komai ba. Sai ta ƙunshi wani abu da ake ƙirgawa ko ake gani: kwana nawa, zane nawa, gyara sau nawa, ko a wane mataki ake tsayawa. Kuma tana canzawa da mai karɓa. Ga makarantar da ke son kalanda, jimlar za ta fi amfani idan ta ce za a turo rubutun duka a duba sunaye da ranaku kafin a fara ado. Ga mai shago a Kantin Kwari da ke son tambari, abin da zai kwantar masa da hankali shi ne a ce za a gwada tambarin da baƙi da fari kuma a ƙaramin girma, tunda a leda da rasit zai fi fitowa.

Inda mahaɗin ke ba da kunya

Gajeren saƙo ya jingina nauyinsa duka a kan mahaɗi, saboda haka idan mahaɗin ya ƙi, babu abin da ya rage. Kuskuren da ya fi yawa na Google Drive ne. Sabon fayil yakan zauna a kan `Restricted`, wato mai shi kaɗai da waɗanda ya ba izini ke iya buɗewa. Mai zanen zai latsa a wayarsa ya ga ya buɗe lafiya, domin da asusunsa yake ciki. Hajiya kuwa za ta ga shafin da ke cewa `You need access`. Gyaran shi ne a shiga `Share`, a ƙarƙashin `General access` a zaɓi `Anyone with the link`, a bar shi a kan `Viewer`. Kafin a tura, a gwada mahaɗin a shafin `Incognito` ko a wayar wani, da data irin wadda mai karɓa zai yi amfani da ita.

Kuskure na biyu shi ne mahaɗin ya kai mutum bakin ƙofa maimakon cikin ɗaki. Idan an ce ga sitikar yaji, aka latsa sai ga katin biki da fastar ɗan takara, an saɓa alƙawari tun kafin a fara. Gara a ware ayyuka uku zuwa biyar da suka yi kama da abin da ake nema, wanda ya fi kusa ya zo farko, kowanne da ɗan bayani a ƙasa: wane irin kaya ne, me aka nema, me aka yi. Hoton sitika a jikin roba ta gaske, ko da da waya aka ɗauka a bakin taga, ya fi gamsar da ɗan kasuwa a kan zanen da aka ɗora wa hoton kwalba na kwamfuta.

Sai gajartaccen mahaɗi irin na bit.ly. Yana ɓoye inda zai kai mutum, kuma a garin da kowa ya san labarin wanda aka kwashe wa kuɗi bayan ya latsa wani abu, mutane da dama ba za su taɓa shi ba. Cikakken adireshi mai nuna sunan shafin ya fi samun yarda.

Amsar da ta dawo takan nuna inda aka yi kuskure. Idan saƙon neman izini ne ya shigo daga Drive, mahaɗin a kulle yake. Idan aka amsa da tambayar ko kana yin sitika, to abin da aka gani a kundin bai dace da buƙata ba. Idan aka tambayi farashi da ranar zuwa, saƙon ya yi aikinsa. Idan shiru ne, tuni guda bayan kamar mako ɗaya, a ƙarƙashin saƙon farko domin mahaɗin ya kasance a kusa, ya wadatar.

Masu goyon baya da masu ja

Masu goyon bayan gajeren saƙo suna cewa aikin imel na farko shi ne ya sa a latsa mahaɗi, ba ya kammala ciniki ba. Sauran bayani, kamar farashi da kafin alƙalami da adadin gyara, yana da lokacinsa idan an zauna. Suna kuma cewa iya zaɓen abin da za a bari da abin da za a cire shi ne ainihin aikin mai zane, don haka saƙon kansa samfur ne.

Masu ja suna da hujjojin da ba za a yi watsi da su ba. Ta farko ta al'ada ce: a Kano, shiga magana kai tsaye da babba ba tare da gaisuwa da gabatar da kai ba yana iya zama rashin ladabi. Wannan gaskiya ne, sai dai abin da ake cewa a rage jeri ne, ba gaisuwa ba, kuma ambaton wanda ya haɗa ku, idan ya yarda a ambace shi, yakan yi aikin da sakin layi uku ba za su yi ba. Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Ƙungiyoyi da ma'aikatu da ke ba da kwangila a rubuce sukan nemi cikakken bayanin yadda za a yi aiki, da jadawali, da takardun rajista, kuma da su ake ba da maki. A nan jimla guda ba ta isa ba, kuma wanda ya tura ita kaɗai ya fitar da kansa. Abin da ya dace shi ne cikakken bayanin ya tafi a takardar da aka liƙa kamar yadda sanarwar ta nema, jikin imel ɗin kuma ya zauna a gajarce. Haka idan sanarwa ta ce lallai sai wanda ya iya Figma ko Illustrator, a ambaci wannan guda ɗin.

Akwai kuma masu cewa duk wannan bai shafi Kano ba, tunda a WhatsApp ake ciniki, ko a je shago ido da ido. Ga yawancin ƙananan ayyuka haka ne. Amma kamfanoni masu ofis, da ƙungiyoyi, da masu ba da aiki daga Abuja ko Legas ko ƙetare, da imel suke fara magana. Kuma tsarin bai canza ba ko a WhatsApp: hotuna arba'in a jere suna cika wa mutum waya, manhajar kuma takan rage ingancinsu idan ba a matsayin fayil aka tura ba.

Damuwa ta ƙarshe ita ce satar zane. Wasu ba sa son buɗe mahaɗi ga kowa don kada a kwafe aikinsu a kai wa mai araha. Ana rage wannan haɗari ta hanyar ɗora hotunan da suka isa kallo a allo amma ba su isa ɗab'i ba, a kuma riƙe ainihin fayil ɗin aiki. Ɗaya gefen kuma na amana ne: zanen kayan da mai shi bai fitar kasuwa ba tukuna, ba a saka shi a kundi sai da izininsa.

Abin da zai biyo baya ga mutane

Ga sabon shiga, salon yana da sauƙi da wahala a haɗe. Sauƙin shi ne ba a tambayar takardar digiri a layin farko, don haka wanda ya koyi aiki a shago yana tsayawa kafaɗa da kafaɗa da wanda ya fito jami'a. Wahalar ita ce babu wurin ɓuya: wanda ba shi da aikin nunawa ba zai cike gurbin da kalmomi ba. Mafita gare shi ita ce ya ƙirƙiri aikin gwaji, kamar sitikar zoɓo ko kwalin sabulu na kamfanin da babu shi, ya buga guda ɗaya ya ɗauki hotonsa, ya kuma rubuta a fili cewa na gwaji ne.

Ga ƙananan 'yan kasuwa, jimlar tsarin aiki ta zama abin riƙewa. Yawancin saɓanin da ke tasowa tsakanin mai zane da mai kaya a kan abu biyu ne: gyara sau nawa kuɗin ya ƙunsa, da wanda zai ɗauki asara idan ɗab'i ya ɓaci. Idan tun a saƙon farko an rubuta zane biyu da samfur kafin bugawa, akwai abin da za a koma a duba. Wannan yana ɗaure mai zanen ma, domin samfur guda yana cin kuɗi da zirga-zirga zuwa maɗaba'a, kuma dole ya sa su a lissafinsa kafin ya faɗi farashi. Wanda ya san ba zai iya kai samfur Sharaɗa ya dawo ba a kan kuɗin da ake biya, gara ya zaɓi wata jimlar da zai iya cikawa, kamar cewa zai turo hoton samfurin a jikin roba kafin a ci gaba da bugawa.